Mai Jego Da Tsoron Zuwa Bayan Gida: Jawabi Ga Zumuntar Mata Da Dattawa

Ku yi mini gafara, yau zan ambaci abin da ba a saba ambatawa a taro irin wannan ba, wato wahalar bayan gida ga macen da ta haihu. Mukan je barka mu tambayi lafiyar jariri, mu tambaya ko nono ya zo, amma da wuya a sami wadda za ta ja mai jego gefe ta ce, "'Yata, kin zaga kuwa?" Ita ma kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba, balle in haihuwar fari ce.

Bari mu ɗauki misali. Yarinya ta haihu ranar Litinin a asibiti. Wajen fitowar kan jariri an yi mata ƙari, ko kuwa ta ƙaru da kanta, sai aka yi mata ɗinki. Talata da Laraba ba ta zaga ba. Wannan ba abin damuwa ba ne, gama yawancin mata sukan yi kwana 2 ko 3 kafin su zaga na farko. Lokacin naƙuda ba ta ci abin kirki ba, ta yi gumi, ta zubar da jini, hanjin kuma tun lokacin goyon ciki yake aiki a hankali. Ranar Alhamis ta ji yana taso mata, sai ta tuna da ɗinkin, ta matse. Ta ma rage cin abinci da shan ruwa don kada ta ji shi kuma.

A nan ne matsalar take farawa. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga abin da ke cikinsa. Duk kwanan da bayan gida ya ƙara a ciki, sai ya ƙara bushewa da tauri. Abin da zai fita da sauƙi ranar Alhamis, kafin Lahadi ya zama kamar dutse. Ga maganin ƙarin jini da aka ba ta, shi ma yana ɗaure ciki, yana kuma sa bayan gida ya yi baƙi. In an ba ta maganin ciwo mai ƙarfi irin su kodin ko taramol, ɗaurewar ta ƙaru. Ranar suna gida cike da baƙi, ita kuwa ta kasa zama, ana tsammani ɗinkin ne kaɗai ke damunta.

To, ga abin da nake so kowace uwa ta gaya wa 'yarta. Bayan gida mai laushi ba ya tsinka ɗinki. Yawancin ɗinkin yana naman da ke tsakanin gaba da dubura ne, an kuma ɗinke shi daki daki, daga ciki zuwa waje, da zaren da yake narkewa da kansa cikin 'yan makonni. Za ta ji wurin yana ja, za ta ji zafi kaɗan, amma wannan ba alamar yagewa ba ce. Abin da yake wahalar da wurin shi ne doguwar yunƙuri a kan abu mai tauri. Shi ne kuma yake tada basir, yana tsaga bakin dubura har a ga ɗigon jini.

Ruwa ne magani na farko. Mai shayarwa tana bukatar kamar lita 2 zuwa 3 a yini, wato ledar ruwa 4 zuwa 6, da zafin Mafara kuwa har fiye. Sai abinci. Mun saba cika mai jego da tuwo, gasasshen nama, ƙauri da yaji. Naman yana da amfani ga wadda ta zubar da jini, amma shi kaɗai ba ya sa ciki ya tafi, yajin kuwa in ya yi yawa sai ta ji shi wajen fita. A haɗa mata da kwaɗon zogale ko rama, miyar kuɓewa ko kuka ko alayyafo, wake, gwanda, lemu da kankana. Ba sai an je nesa ba, ana samunsu a kasuwanninmu. Kada ta daina shan maganin ƙarin jini da kanta. In yana damunta, ta gaya wa nas.

Yadda za ta zaga kuma shi ne, da safe bayan ta sha kunu mai ɗumi, gama lokacin ne hanji ya fi motsi. In wurin yana ciwo, ta sha farasitamol kamar rabin sa'a kafin nan. Tsugunawa sosai a kan masai takan ja ɗinkin, saboda haka fo ya fi mata sauƙi a makon farko. Wadda take da masai na zama ta ɗora ƙafafunta a kan 'yar kujera yadda gwiwoyi za su ɗara kwankwaso, ta ɗan sunkuya gaba. Ta wanke hannu, ta naɗe tsumma mai tsabta ko audugar mata, ta dafe wurin ɗinkin a hankali. Wannan dafewar ita ce take cire yawancin tsoron. Kada ta riƙe numfashi tana nishi, ta riƙa fitar da iska ta baki. In bai zo ba cikin 'yan mintoci, ta tashi, ta ɗan yi tafiya a tsakar gida, ta sake gwadawa in ya taso. In ta gama ta wanke da ruwa mai ɗumi daga gaba zuwa baya, ta shanya wurin.

In kwana 3 ko 4 sun wuce ba labari, a je asibiti ko wurin ungozomar asibiti. Akwai maganin ruwa da ake kira laktulos wanda yake tausasa bayan gida, mai shayarwa tana iya shansa, sai dai yakan ɗauki kwana 1 ko 2 kafin ya yi aiki. Kakanni, ina roƙonku, kada a ƙara mata kanwa a kunu wai don cikin ya sake. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Kada kuma a cusa mata sabulu ko wani abu ta dubura.

Akwai alamun da ba na zama a gida ba ne. In wurin ɗinkin ya kumbura, yana wari ko fitar da mugunya, ko ya buɗe, ko zazzaɓi ya kama ta, a kai ta ranar. Wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri, in cikinta ya kumbura, tana amai, ko iska ba ta fita, wannan na gaggawa ne. Sa'an nan akwai wadda ƙaruwar ta kai har naman da yake riƙe dubura. Ita ba ta iya riƙe iska ko bayan gida, wani lokaci ma ta ga yana fitowa ta gaba. Irin wannan mace takan daina zuwa sujada, ta ɓuya a ɗaki, mu kuwa mu ce ta yi sanyi. Ba ƙazanta ba ce, rauni ne da ake gyarawa. A fara da Babban Asibitin Talata Mafara, in ya fi ƙarfinsu za su tura ta Gusau, akwai kuma asibitin Babbar Ruga a Katsina da aka keɓe domin masu yoyon fitsari da na bayan gida.

Maza da dattawa, naku shi ne kuɗin mota da na magani. Kun san yadda hanyoyinmu suke in dare ya yi, musamman ku na Maradun. In matar da ke kula da mai jego ta ce a tafi asibiti, a tashi da safe, kada a ce sai an gama suna.