Daga Ajami Zuwa Boko: Yadda Ake Juya Shafi Ba Tare da Ɓoye Shakka Ba

 

A yau yawancin masu nazarin rubuce-rubucenmu na ajami ba sa taɓa takardar da hannunsu. Hoto ake ba su. Wani daga Gidan Arewa a Kaduna ya samo nasa, wani daga Cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, wani daga cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, wani kuma da waya aka ɗauko masa daga gafakar kakansa. Aikin da ke gaban kowannensu shi ne ya mayar da shafin zuwa boko bisa daidaitacciyar ƙa'ida. Abin da nake so in tsaya a kai shi ne wannan: ajami da boko ba abu ɗaya suke rubutawa ba. Akwai abin da ajami ya bari a buɗe wanda boko ke tilasta maka ka yanke, kuma akwai abin da ajami ya fayyace wanda boko ke shafewa. Duk inda mai juyawa ya yanke hukunci da kansa, haƙƙin mai karatu ne ya ga wurin.

Kafin a karanta kalma ko ɗaya, hoton kansa ake fara tuhuma. Marubuta da yawa da baƙar tawada suke zana baƙaƙe, sannan su dawo su sa wasulla da ja. Idan hoton baƙi-da-fari ne, ko an ɗauke shi cikin duhun ɗaki, jar tawadar nan takan dushe har ta ɓace, sai ka ga shafi kamar ba a yi masa wasali ba alhali an yi. Ga kuma tawadar bayan takarda da kan huda ta fito ta gaba, ta zauna ƙarƙashin harafi kamar ɗigo. Maganin wannan shi ne a nemi hoton bayan shafin a kwatanta. Sannan littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, warƙa-warƙa suke, kuma kalmar nan da ake rubutawa a ƙasan shafi, wadda za ta buɗe shafi na gaba, ita ce ke nuna jerinsu. Mai ɗaukar hoto da ya yanke gefen takarda don hoton ya yi kyau ya yanke mana ita.

Sai sanin hannun. Tsofaffin rubuce-rubucenmu salon Magariba suke bi, irin na allo da Alƙur'ani bugun Warshu. A wannan salo fa ɗigonta ɗaya a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya ne a sama. Ɗalibin da ya tashi a Islamiyya, ya saba da rubutun gabas inda ɗigo ɗaya a sama yake nufin fa, zai ga “mun ƙara” ya rubuta “mun fara”, ya ga “ƙasa” ya rubuta “fasa”. Abin da ya sa kuskuren ke da haɗari shi ne duka biyun Hausa ne mai kyau, jimlar ba za ta yi masa tsawa ba. Saboda haka nakan ce kada a soma juyawa sai an zauna an tsara jadawalin haruffan wannan marubuci shi kaɗai. A nemo kalmomin da ba su da shakka, irin su Allah, Annabi, sarki, gaisuwa, a ga yadda yake zana kowane harafi, da abin da yake yi wa sautukan da Larabci ba shi da su. Ajami bai taɓa samun hukuma guda da ta daidaita shi ba, kowane malami da abin da ya gada. Wannan yana sa wa ba ɗigo na musamman idan ɓa yake nufi, wancan bai damu ba, “bari” da “ɓari” duk ɗaya ne a alƙalaminsa.

Bari mu ɗauki layi guda mu bi shi. Ni na shirya shi don misali, a kan irin wasiƙun da fatake kan aiko gida. A ce hannun na Magariba ne, marubucin kuma ba ya bambanta ɗa da tsa: ɗa mai hannu yake zanawa ga duka biyun, ba ya ƙara mata ɗigo uku. Karatun farko ya ba mu: baƙi sun cika gari, sarki ya yi musu d-w-k, malam ya ba ni ɗ-r-y.

Kalmar farko ajami ya riga ya yi mana aiki. Akwai alif bayan ba, wato wasalin mai tsawo ne, don haka baƙin da suka zo daga nesa ake nufi, ba launi ba. Haka “gari”: babu alif, gari ne na mutane, ba na tuwo ba. Ku lura da abin da ya faru da muka mayar da su boko. Boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka bambancin da marubucin ya yi da hannunsa mu muka goge shi. A nan jimlar ta wadatar, ba a bukatar bayani. Amma a inda ma'ana biyu za su iya zama, wajibi ne a faɗa a ƙasan shafi cewa asalin yana da alif.

Kalma ta gaba ita ce ta fi cin lokaci. Dal ce da rufu'a, sai wau, sai kaf. Kasancewar wau ta kawar da “duka” mai nufin gaba ɗaya, domin wannan gajeren wasali gare ta. Saura biyu: ko sarki ya yi musu duka, wato ya sa an buge su, ko ya yi musu doka. Larabci ba shi da wasalin o, don haka da rufu'a ake rubuta u da o. Wasu marubuta kan ƙara alif bayan wau don nuna o mai tsawo, da yawa kuma ba sa yi. To, a koma jadawalin da aka tsara. Yaya wannan mutum ya rubuta “goro” ko “doki” a wani wuri cikin wasiƙar? Idan ya sa musu alif ɗin nan, nan kuma bai sa ba, “duka” ta yi rinjaye. Idan ko'ina wau tsura yake sawa, to rubutun bai yanke ba, sai a dubi abin da ya biyo baya. In wasiƙar ta ci gaba da cewa kada kowa ya fita bayan isha'i, doka ce. In ba ta ce komai ba, ni zan rubuta doka a cikin matani, domin ita ce ta fi dacewa da sarki da baƙi, amma zan nuna cewa zaɓina ne.

Ta ƙarshe ba ta da mafita ko kaɗan. Ɗa mai hannu, fataha, ra, kisira da ya. Malam ya ba ni ɗari, ko malam ya ba ni tsari? Tsawon wasullan kalmomin biyu iri ɗaya ne, kuma dukansu abin da malami kan ba matafiyi ne: kuɗin guzuri ko laya. Wanda ya zaɓi ɗaya ya yi shiru, mai tarihin da zai zo bayansa zai gina magana a kan kuɗi ko a kan asiri, bai san cewa ƙuri'a aka jefa masa ba. Ga yadda zan fitar da layin:

Baƙi sun cika gari, sarki ya yi musu doka[?], malam ya ba ni [ɗari/tsari].

Alamomin ba su da yawa, kuma bai kamata su yi yawa ba. Ayar tambaya cikin baka mai kusurwa tana nufin na karanta, ina da rinjaye, amma ban tabbata ba. Kalma biyu da karan tsaye a tsakaninsu na nufin rubutun ya yarda da kowacce. Ɗigo uku cikin baka na nufin gara ta ci wurin ko ruwa ya wanke shi, kuma yana da kyau a faɗi kimanin haruffa nawa suka ɓata. Abin da mai juyawa ya cike da kansa shi ma cikin baka zai shiga. Kowace alama kuma ta sami layi guda na bayani a ƙasa: abin da ido ya gani, da dalilin zaɓi. Sai a bi layi-layi yadda yake a asali, a sa lamba, don wanda ke riƙe da hoton ya sami wurin ba wahala.

Yanzu maganar daidaitacciyar ƙa'ida, inda na fi saɓawa da wasu abokan aiki. Ƙa'idar boko ta daɗe ana gyara ta, tun dokokin da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, zuwa shigowar haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Abin da ta tsara shi ne haruffa da rabon kalmomi. Don haka idan ajami ya haɗe “yatafi” ko “shine”, mu raba su: ya tafi, shi ne. Idan ya nuna nasaba da tanwini, wato fataha biyu a ƙarshen “gida”, mu rubuta gidan. A nan ma a ƙara girman hoton, domin layuka biyu masu kusanci sukan narke su zama ɗaya. Rabon kalma kansa wani lokaci hukunci ne, kamar “damu” da “da mu”, kuma idan ya zama haka a sa masa alama.

Abin da ƙa'idar ba ta ba mu izini ba shi ne sauya bakin marubuci. Basakkwace ya rubuta “shina” da “ɗiya”, sai mai juyawa ya mayar da su “yana” da “'ya”, yana ganin gyara ya yi. Wannan ya zama fassara daga karin harshe zuwa wani. A waƙa kuwa ɓarnar ta fi bayyana, domin “ɗiya” gaɓa biyu ce, “'ya” gaɓa ɗaya, karin baitin ya karye ke nan. Wanda zai juya waƙoƙin Hausa na Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da Hausar yamma zai yi ta gamuwa, kuma ita ce shaidar inda waƙar ta fito. Ga mai aikin waƙa ma akwai sauƙin da mai wasiƙa ba shi da shi: kari da amsa-amo sukan raba gardama. Idan karatu ɗaya ya cika ma'aunin baiti ɗayan ya rage shi, ka sami hujja, sai ka rubuta ta a ƙasa.

Abu na ƙarshe shi ne ramzi. A ƙarshen waƙa sau da yawa za a ga wata kalma da ba ta da ma'ana a jimla, wani lokaci da jar tawada. Shekara ce aka rubuta da haruffa, kuma da lissafin Magariba ake warware ta, inda shin take dubu. A ce an ga shin da ra da fa: 1000 da 200 da 80, wato 1280 ta Hijira, wadda ta faɗo tsakanin 1863 da 1864. Wanda ya bi lissafin gabas, inda shin take 300, zai sami 580, ya mayar da waƙar baya da shekara 700. Kuma a irin wannan kalma ɗigo ɗaya ya isa: in fa ɗin nan ƙaf ce, 100 take, shekarar ta koma 1300. Don haka a rubuta haruffan ramzi ɗaya-ɗaya da sunayensu, a nuna lissafin, in ɗigon bai fito sosai a hoto ba a kawo shekarun biyu.