Motar Fagan a Kan Ƙafar Ɗan Sanda

A dokar laifuka ta Ingila, galibi ba a kama mutum da laifi sai aikin haram, wato actus reus, ya haɗu lokaci guda da mugun nufi, wato mens rea. A shari'ar Fagan ta 1968, direban ya taka ƙafar ɗan sanda da mota bisa kuskure, amma da aka ce ya janye sai ya ƙi. An kare shi da cewa lokacin takawar babu nufi, lokacin nufin kuma ƙin aiki ne kawai, wanda doka ba ta cika hukuntawa ba sai akwai wajibi. Kotu ta ce takawar aiki ne mai ci gaba muddin tayar tana kan ƙafar, don haka nufin ya riske shi.