Hoton da ya ƙi buɗuwa a Maiyama

Makon jiya ƙanwata, ma'aikaciyar lafiya a wani ƙauyen Maiyama, ta ce in turo mata taswirar matakan duba yaro mai zazzaɓi. Daga Jega na tura hoton, sabis ya hana shi buɗuwa. Sai na rubuta mata: a yi gwajin maleriya, a ba da magani.

Da na sake duban hoton, wallahi gabana ya faɗi. Na tsallake tambayar farko!

Na sake zama, kowane akwati na ba shi lamba. Mataki na 1: yaron na jijjiga, ko ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko ya galabaita? In e, je na 5. In a'a, na 2, wato gwaji. Ya nuna maleriya, na 3, magani. Bai nuna ba, na 4, a binciki wani dalilin. Na 5, asibiti nan take.

Sai na ƙirga kibiyoyin hoton, na ga ɗaya babu a rubutuna, wadda ke komawa sama. Na ƙara a ƙarƙashin na 3: in zazzaɓin bai sauka ba bayan kwana 3, koma na 1.