Amanar Mai Fassara

Bayan godiya ga Allah da salati ga ManzonSa (SAW). Ya 'yan'uwa, mu dubi kalmar ƙuru'i a aya ta 228 cikin Suratul Baƙara, wadda ta ƙayyade iddar matar da aka saka. A Larabci tana nufin tsarki, tana kuma nufin haila. Malik da Shafi'i sun tafi a kan tsarki, Abu Hanifa kuwa haila. Idan muka fassara da "tsarki uku" muka yi shiru, mun rinjayar da fahimta guda, mai sauraro yana zaton lafazin ayar ke nan, alhali ranar cikar idda ta bambanta. Wajibinmu mu kawo ma'anonin biyu, sannan mu ce: "Daga nan bayaninmu ne." Allah Ya sa mu dace.