Kayan Kyauta da Wasan Sayarwa: A Duba Lasisi Tukuna



An nemi in yi bayani a kan wata matsala da ke tasowa wa ƙannenmu masu haɗa wasannin kwamfuta da na wayar salula. Yawancinsu ba su da kuɗin biyan mai zane ko makaɗi, don haka sai su kwaso hotuna da kiɗa daga intanet, inda aka ce kyauta ne. To, kyautar nan iri-iri ce. Haƙƙin mallaka yana nan a hannun mai aikin, izini kawai ya bayar bisa sharaɗi, kuma sharaɗin yana cikin lasisin da ke manne da kowane fayil.

Lasisin da aka fi cin karo da shi shi ne na Creative Commons, wanda ya fara fitowa a 2002. Alal misali, mu ɗauka wani yaro ya haɗa wasan dara na waya yana son ya sayar. Ya ɗauko abu huɗu.

Hotunan maɓallai ya samo su daga Kenney, lasisinsu CC0. Wannan babu wata magana, mai aikin ya yafe haƙƙinsa, a sayar, a sauya, ko sunansa ba dole ba ne a ambata.

Kiɗan da ke tashi idan an buɗe wasan na Kevin MacLeod ne, lasisinsa CC BY 4.0. Shi ma ya halatta a sayar, amma wajibi ne a rubuta sunan mai kiɗan, da lasisin, da adireshinsa, a kuma faɗa idan an yanke shi ko an sauya. Ana sa wannan a shafin godiya na cikin wasan. Mutane suna raina wannan sharaɗi, alhali wanda bai cika shi ba izininsa ya faɗi, ya zama kamar wanda bai taɓa samu ba. Lasisi mai lamba 4.0, wanda ya fito a 2013, yana mayar wa mutum izininsa idan ya gyara cikin kwana 30 da gano kuskuren. Mai lamba 3.0 bai ba da wannan dama ba.

Na uku, ƙarar ajiye ɗan dara a gurbi, daga Freesound. A nan ne gizo ke saƙa. A wannan rumbu kowane sauti da nasa lasisin, sai ka tarar da biyu suna jere, ɗaya CC0, ɗaya CC BY-NC. Haruffan NC suna nufin ban da kasuwanci. Na yaron nan NC ne, kuma ko da tsawonsa daƙiƙa ɗaya ne, ya isa ya hana shi sayar da wasan da shi a ciki. Kada kuma ya ce zai raba wasan kyauta ya ci kuɗin talla, domin wannan ma neman kuɗi ne. Mafita biyu ce: ya rubuta wa mai sautin ya nemi izini a rubuce, ko ya sauya shi. Ni a ganina, ya ɗauki tsakuwa da faranti ya naɗi nasa, ya huta.

Na huɗu hoton ɗan wasa ne daga OpenGameArt, mai CC BY-SA 3.0. Wannan bai hana sayarwa ba, sai dai idan yaron ya sa wa hoton hula da babbar riga, dole sabon hoton ya fita da irin wannan lasisi, watau kowa yana iya ɗauka ya yi amfani da shi, har abokin gasarsa. Ɗan'uwansa ND kuwa ya hana rarraba aikin da aka sauya, kuma lasisin ya ɗauki jera kiɗa da hoto mai motsi a matsayin sauyi. Kiɗa mai ND, a bar shi kurum.

Akwai kuma abin da haruffa ba za su nuna ba. Wanda ya ɗora fayil ba lallai shi ne mai shi ba, kuma lasisin ɓarawo ba ya kare mai saye. Idan ka ga mutum guda ya ɗora zane hamsin kowanne da hannu daban, ko kiɗan ya yi kama da na wani sanannen wasa, a bi sawu har a kai ga shafin mai aikin na asali. In ba a kai ba, a ajiye.

Mu ma'aikatan gwamnati mun san abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Yaron ya buɗe rajista: sunan fayil, mai shi, adireshi, lasisi da lambarsa, ranar da ya sauke, tare da hoton shafin a wannan rana. Lasisin Creative Commons ba a janye shi daga wanda ya riga ya karɓa, amma mai aiki yana iya goge shafinsa ko ya sauya lasisin gobe. Ranar da ƙorafi ya kai wa kantin da ke sayar da wasan, ana iya sauke shi kafin a saurari yaron, kuma hoton nan ne hujjar da zai miƙa.