Murabaha da Mudaraba: Shaidar da ke cikin Littafin Lissafin Banki

 

Zan fara da wata kalma da ke rikita mu a Hausa. Idan ɗan kasuwa ya ce ya ci riba, murna yake yi. Idan malami ya ce wane yana cin riba, tsoratarwa yake yi. Larabci ya raba su, akwai ribhu, wato ƙarin da ciniki ya kawo, akwai kuma riba, wato ƙarin da aka ɗora wa bashi, kuma aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta halatta ciniki ta haramta ta biyun. Mu kuwa lafazi ɗaya muka ba su. Don haka a wannan zama, in na ce riba ina nufin ta ciniki, ɗayar kuma zan kira ta kuɗin ruwa.

Tun da bankin Ja'iz ya buɗe ƙofa a 2012, sannan bankin Taj ya biyo baya a 2019, tambaya ɗaya ake ta yi mini a kasuwa da makaranta: "Malam, ba suna kawai suka canza ba?" Tambayar tana kan hanya, kuma ba a amsa ta da rantsuwa. Abin da nake so in nuna muku shi ne, amsar tana cikin littafin lissafin banki. Yadda akanta ya rubuta cinikin shi zai nuna ko an yi saye da sayarwa ko kuwa bashi aka bayar aka sa masa rawani.

Mu ɗauki misali. Wani mai sana'ar casar shinkafa a Kura yana son sabon inji, kuɗinsa naira miliyan 12. Idan ya je bankin da ke ba da rance, za a zuba masa miliyan 12 a asusunsa, a ce ya biya miliyan 14.4 cikin wata 12. Akanta zai rubuta abu biyu: kuɗin banki sun ragu da miliyan 12, bashin da ake bin abokin hulɗa ya ƙaru da miliyan 12. Inji bai shiga littafin ba ko sau ɗaya, domin babu ruwan banki da shi sai dai in jingina ce. Daga ranar kuɗin ruwa zai fara taruwa, kuma abin da ke haifar da shi kwanaki ne kawai.

A murabaha hanyar ta fi tsawo. Asalinta a littattafan fikihu cinikin amana ce: mai kaya ya faɗa wa mai saye nawa ya sayo, ya kuma faɗi abin da ya ɗora. Siffar da bankuna ke aiki da ita yau, wadda abokin hulɗa ke neman banki ya sayo masa kaya, an fi danganta fitowarta da binciken digirin Dokta Sami Hamud na ƙasar Jodan a 1976. Mai injin casa zai kawo bayanin injin da yake so, ya yi alkawarin zai saya. Banki ya je ya sayo injin da kuɗinsa, ya karɓe shi. A wannan rana akanta zai rubuta cewa kuɗi sun ragu da miliyan 12, kayan sayarwa sun ƙaru da miliyan 12. Har yanzu ba a bin mutumin Kura ko kwabo.

Ina so ku riƙe wannan rana da kyau, domin ita ce gishirin maganar. Ko da kwana biyu ne tsakanin sayowa da sayarwa, a cikinsu injin na banki ne. In motar da ta ɗauko shi daga Legas ta faɗi a hanya, asarar a littafin banki za ta zauna. Wannan ɗaukar kasada, tare da mallakar, ita ta sa ƙarin ya zama ribar ciniki, kuma ita ce ta kuɓutar da banki daga hanin da ya zo a hadisi na sayar da abin da mutum bai mallaka ba.

To, in mutumin ya fasa fa? Galibi banki yana karɓar wani abu tun farko don ya tabbatar da gaske ake, ana ce masa hamishul jiddiyya. Ba kafin alƙalami ba ne, domin ba a ƙulla ciniki ba tukuna. Ajiya ce, kuma a littafi tana zama cikin abin da ake bin banki. Mu ce ya ajiye miliyan 1, sai ya fasa, banki ya sayar wa wani da injin a kan miliyan 11.5. Banki zai cire naira dubu 500, wato ainihin asarar da ya yi, ya mayar masa da dubu 500. Ribar da ya sa rai zai samu ba ta cikin abin da zai cira.

In kuwa an ƙulla cinikin a kan miliyan 14.4, injin ya fita daga littafi, bashin miliyan 14.4 ya shiga. Amma banki ba zai ce ya samu ribar miliyan 2.4 a ranar ba. Ƙa'idar hukumar AAOIFI, wadda aka yi wa rajista a Bahrain a 1991, lamba ta 28 cikin ƙa'idojinta na lissafi, ta ce a jingine ribar a wani gurbi da ake cirewa daga bashin, a riƙa sakinta kaɗan-kaɗan. A misalinmu, in an raba daidai, duk wata mutumin zai biya miliyan 1.2, dubu 200 daga ciki su koma kuɗin shiga. A yarjejeniya mai dogon wa'adi ana sakin ribar ne gwargwadon abin da ya rage a kan mai saye, ta yi yawa a farko ta ragu a ƙarshe.

A nan ne mai shakka zai ɗaga hannu ya ce: "Ai haka ake lissafin kuɗin ruwa." Gaskiyarsa, kuma ba zan ɓoye ba. Najeriya ta koma bin ƙa'idojin lissafi na duniya da ake kira IFRS tun 2012, kuma ƙa'ida ta 9 a cikinsu tana kallon bashin murabaha kamar kowane bashi da ake biya a hankali. In komai ya tafi lafiya, alƙaluman wata-wata na bankin rance da na bankin murabaha za su yi kama ƙwarai. Wanda ya ce muku ba haka ba ne, bai taɓa buɗe rahoton shekara ba.

Bambancin yana fitowa ne ranar da abu ya ɓaci. Mu ce shinkafa ta yi kwantai, mutumin Kura ya kasa biyan watanni uku na ƙarshe, miliyan 3.6, har tsawon wata shida. A rancen da ke kan kashi 20 cikin ɗari a shekara, ƙarin naira dubu 360 ya hau kansa, kuma bankin zai lissafa shi cikin haƙƙinsa. A murabaha farashi ya riga ya rufe a miliyan 14.4. Babu wata sabuwar riba da akanta zai rubuta, ko da jinkirin ya kai shekara. In yarjejeniya ta tanadi tara ga mai taurin bashi, abin da ƙa'idar shari'a ta AAOIFI ta yarda da shi shi ne kuɗin su tafi sadaka. Saboda haka a littafi suna zama a asusun sadaka, cikin abin da ke wuyan banki, ba sa shiga ribar masu hannun jari. Haka kuma ba a ce wa mai bashi an ƙara masa wata shida amma farashi ya koma miliyan 15. Wannan shi ne ainihin kuɗin ruwan zamanin jahiliyya, na ko ka biya ko ka ƙara.

Ɓarnar da na fi gani ba a ƙa'ida take ba, a aiki take. Na taɓa duba takardun wani ciniki inda aka naɗa abokin hulɗa wakilin banki wajen sayo kaya, wanda ya halatta in akwai buƙata. Amma da na jera takardun, sai na ga rasit ɗin dillali ya riga yarjejeniyar wakilci da mako biyu, kuma da sunan abokin hulɗar aka rubuta shi. Ma'ana mutumin ya riga ya mallaki kayansa, banki kuma ya sayar masa da abin da bai taɓa zama nasa ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin mutumin ya zo ne yana gudun haram. Duk mai bincike zai iya gano irin wannan: a duba sunan da ke kan rasit, a jera kwanakin takardu, a ga ko kuɗin asusun dillali suka shiga ko na abokin hulɗa.

Yanzu mudaraba, wadda malamanmu na Malikiyya suka fi sani da ƙiradi. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, domin ubangida ya ba yaronsa jari ya tafi fatauci a raba riba tsohon abu ne a wurinmu. Mu ce banki ya ba wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau miliyan 12, a kan cewa kashi 60 na riba nasa ne, kashi 40 na banki. Akanta zai rubuta kuɗin a matsayin jarin da aka zuba, domin ɗan kasuwar amintacce ne, ba mai cin bashi ba. Wata na farko zai wuce, na biyu ya wuce, babu kuɗin shigar da za a rubuta don kawai kwanaki sun tafi. Sai an zauna an yi lissafi, an tabbatar uwar kuɗi ta dawo cif, sannan a san akwai riba. In ta kai miliyan 3, banki ya rubuta miliyan 1.2, ɗan kasuwa ya ɗauki miliyan 1.8.

In kuwa farashin masara ya faɗi aka yi asarar miliyan 2, jarin banki a littafi zai koma miliyan 10, ɗan kasuwa kuma ya yi asarar guminsa. Ba a bin sa komai. Sai fa in an tabbatar ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi, misali aka ce hatsi ya je ya sayi fili, to a ranar ne asarar za ta koma bashi a kansa. A musharaka, inda kowa ya zuba kuɗi, ana raba riba yadda aka yi yarjejeniya, asara kuwa dole ta bi gwargwadon jarin kowa. Kuma a duka biyun, da zarar an yanka wa wani adadi tsayayye, a ce banki zai samu dubu 200 duk wata ko an ci ko ba a ci ba, yarjejeniyar ta lalace.

Duk wanda ya duba rahotannin bankunan Musulunci zai ga murabaha da ijara sun cinye mafi yawan harkar, mudaraba kuwa 'yar kaɗan ce. Muna yawan ɗora wa bankuna laifin tsoro, kuma suna da nasu kason. Amma mu ma mu dubi kanmu. Ta yaya za a raba riba da wanda kuɗin shago da na cefane aljihu ɗaya suke shiga? Murabaha rasit ɗaya take buƙata. Mudaraba kuwa tana buƙatar littafin da ake rubuta kowace shiga da fita, wanda baƙo zai duba ya gamsu.

Saboda haka, ku 'yan kasuwa, ku ware asusun shago daga na gida, ku rubuta cinikinku na kullum, in kuna son a ba ku jari irin na ƙiradi. Ku ɗaliban akanta, ku zauna gaban malaman fikihu ku karanta babin ciniki da na ƙiradi. Kai kuma da za ka sa hannu a takardar murabaha gobe, kafin ka sa, ka nemi a nuna maka rasit ɗin da ke ɗauke da sunan banki, ka kuma tambayi inda tarar jinkiri take zuwa.