Daga Bidiyo Ɗaya Zuwa Saƙonni Da Yawa: Yadda Ake Yanka Bayani Ma'ana Ba Ta Zube Ba



An nemi in yi magana a kan yadda ake ɗaukar dogon bidiyo ko doguwar maƙala a fitar da gajerun saƙonni da za su dace da YouTube, Facebook, WhatsApp, TikTok da sauransu. Wannan aiki ba baƙo ba ne a Samaru. Tun 1922 ake binciken noma a nan, kuma a 1962 tashar binciken ta zama cibiyar IAR a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Rahoton mai bincike kuwa manomi ba ya karanta shi, shi ya sa a 1963 aka kafa sashen da daga baya ya zama NAERLS, aikinsa ya ɗauki sakamakon bincike ya mayar da shi ƙasida ga malamin gona, fasta ga bangon ofis, shirin rediyo ga mutanen karkara. Abin da ya sauya yau shi ne kafofin sun ƙaru, kuma duk mai waya a hannu yana iya yin yankan da kansa.

Maganata guda ce. Wanda ya ga guntun saƙo, akasari ba zai taɓa ganin dogon ba. Saboda haka dole kowane guntu ya tsaya da ƙafarsa, ya ɗauki ma'ana ɗaya cikakkiya tare da sharaɗinta. Ku duba yadda ake kasa naman watanda da salla: kowane kashi sai an sa masa tsoka da ƙashi da ɗan hanta, don mai ɗauka ba zai dawo neman ciko ba. Haka yankan bayani yake.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce an ɗauki bidiyon minti 40 na wani malamin gona yana koya wa manoma da 'yan kasuwar hatsi na Sabon Gari yadda ake adana wake a buhun PICS, wato buhun nan mai hawa uku da masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure shi da kyau, ƙwarin da ke cikin waken su ne za su shaƙe iskar da ta rage, daga nan su daina ci su mutu, ba tare da an zuba magani ba.

Matakin farko, kafin a taɓa manhajar yanka, a zauna a rubuta duk abin da malamin ya faɗa, ana sa lambar minti a gefen kowane sakin layi. Minti 40 na magana a natse zai ba da kalmomi wajen dubu biyar. Aiki ne mai cin rai, amma a takarda ake ganin ƙashin bayan magana. A nan za a lura cewa gaisuwa da godiya da maimaici sun cinye kaso mai yawa, kuma ainihin darasin bai wuce batutuwa biyar ba: busar da wake da sheƙe shi, gwada ledojin ko sun huje, cikawa da ɗaurewa, inda za a ajiye buhun, da haɗarin zuba fiya-fiya a hatsi. Waɗannan biyar su ne saƙonninmu. Mai yanka da agogo, wanda ke datse bidiyo duk bayan minti ɗaya, zai samu guntaye 40 da babu ko ɗaya mai amfani.

Mataki na biyu shi ne inda aka fi yin ɓarna. A gaban kowane batu a rubuta sharaɗin da idan ya faɗi maganar ta zama ƙarya. Ɗaurin buhu shi ya fi daɗin kallo: a matse iska, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa, a ɗaure, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Cikin daƙiƙa 50 an gama, kuma shi ne guntun da zai fi yawo. To amma malamin ya faɗi tun a minti na 6 cewa sai wake ya bushe ƙarau, ɗaurin kuma yana minti na 22. Wanda ya ga ɗaurin kaɗai ya zuba wake mai laima ya rufe, bayan watanni zai buɗe ya tarar da fumfuna, ya ce buhun ƙarya ne. Maganin wannan shi ne a ɗauko jimlar minti na 6 a manna ta a farkon guntun, ko a rubuta ta a kan hoton.

Batu na biyar ya fi haɗari. Malamin zai bayyana yadda wasu ke yayyafa fiya-fiya a wake, sannan ya ce guba ce, kuma irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Idan aka yanke kafin ya kai ga hanin, an koya wa mutane abin da ya zo hanawa, da fuskarsa da muryarsa. Duk mun san irin fitinar da guntayen tafsiri ke tayarwa da azumi, idan aka yanko inda malami yake kawo ra'ayin da zai warware, aka bar warwarar. A guntu irin wannan, hani ne zai zo a jimlar farko. Idan ba zai yiwu ba, a bar batun a cikin dogon bidiyo.

Mataki na uku, a ba kowace kafa irin abin da take ɗauka. Cikakken bidiyon ya zauna a YouTube, da jerin mintuna a ƙasansa don mai neman ɗauri ya tafi minti na 22 kai tsaye. Shi ne uwa, kowane guntu ya nuna hanyar komawa gare shi. Gajerun bidiyo na TikTok da Reels da Shorts kuwa a tsaye suke, 9:16, alhali an ɗauki namu a kwance, 16:9. Idan aka yanko tsaye daga hoto mai faɗin 1920 da tsawon 1080, faɗin da zai rage kusan 608 ne, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. A bidiyonmu, idan malamin yana dama buhun yana hagu, ɗaya ne zai shiga. Mai yanka na son fuska, amma darasin yana hannu, don haka hannu da bakin leda za a bi. Wanda ya san zai yanka tun kafin ɗauka, sai ya ajiye waya ta biyu a tsaye kusa da buhun. A sa rubutun abin da ake faɗa a kan hoton, domin da yawa suna kallo a cikin Keke Napep ko a aji ba sauti, kuma a ɗaga rubutun daga ƙasan allo, inda sunan shafi da maɓallai ke rufe shi.

WhatsApp lissafinsa daban, domin kuɗin data ne ke hukunci. Bidiyon minti ɗaya mai matsakaicin kyau zai iya kai 7 MB ko 8 MB, muryar minti ɗaya kuwa ba ta cika wuce rubu'in 1 MB ba. Batun inda za a ajiye buhu, wato a ɗora shi kan katako, nesa da bango da ɓeraye, kada a buɗe sai za a yi amfani, ba ya bukatar hoto, murya ta isa. Amma fa kada a ciro sautin bidiyon a tura haka nan, don malamin yana cewa a murɗa nan, a lanƙwasa haka, wanda ke saurare kuma ba ya ganin nan ɗin. Sai a sake naɗa da kalmomin da kunne zai gane. Wannan sabon naɗin shi zai yi wa gidan rediyo ma. Kuma tunda saƙon WhatsApp yana rabuwa da rubutun da ya rako shi da zarar an tura gaba, ko an kwafe shi a shagon masu tura fina-finai a kasuwa, sunan mai magana da cibiyarsa da shekarar su kasance a cikin muryar ko a jikin hoton.

Saura rubutu. Facebook na ɗaukar sakin layi uku ko huɗu da hoto ɗaya, amma layukan farko kaɗai ke fitowa kafin a danna, don haka gaisuwa ta koma ƙasa, darasi ya hau sama. X yana ba wa mai shafin kyauta haruffa 280. Saƙon tes na SMS yana ɗaukar 160, sai dai akwai tarkon da ya shafe mu Hausawa: da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya, tsarin rubutun ya sauya, iyakar ta faɗo 70, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗin ma haka. Mai tura wa manoma dubu ya zaɓa: ko ya biya, ko ya nemi kalmomin da ba su da lanƙwasa, ya kuma kula da inda cire ta zai juya ma'ana.

Mataki na huɗu, lokaci. Kada a zubar da duka a rana ɗaya, a bi kalandar gona. Busarwa ta fita da kaka ana roron wake, gwajin leda da ɗauri su biyo lokacin da ake kai kaya rumbu da sito, gargaɗin fiya-fiya kuwa a riƙa maimaita shi muddin 'yan kasuwa na tara hatsi. Kowane guntu a fitar da shi daga asalin fayil ɗin, domin wanda aka sauke daga TikTok yana ɗauke da tambarinsa, kuma duk turawa tana rage masa kyau har rubutu ya daina karantuwa.

Ta yaya za a gane yankan ya yi? Yawan masu kallo ba ya nuna an fahimta. Kafin a saki guntu, a ba wanda bai ga dogon bidiyon ba, a ce ya faɗi abin da zai yi gobe idan waken nasa ne. Idan bai ambaci busarwa ba, a koma teburin yanka. Bayan an saki kuma a karanta tambayoyi. In mutum goma sun tambaya ko ana ƙara magani a cikin buhun, to jimlar da ke cewa ba a sa komai ta faɗi a wurin yanka, sai a gyara a sake saki.

Ɗalibai, ga aikin da zan bar muku. Kowa ya ɗauki lacca ɗaya da aka naɗa a sashensu, ya rubuta ta, ya fitar da batutuwanta, ya rubuta sharaɗin kowanne, sannan ya kai wa malamin da ya yi ta guntayen ya duba kafin su fita, domin sunansa ne a kai. Allah ya sa mu dace.